Labule Ba Ƙofa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gado a Ƙofar Gayan ya san tsarinsa: zaure, shigifa, sannan sassa. A da, idan ɗa ya yi aure, sai a kewaye masa sashensa da katanga ko zana. Magabata sun san sabon aure yana bukatar sutura. Yau gidajen sun cika, a cikin birni da ma Wusasa inda da yawanmu muke. Abin da ango ke samu ɗaki ɗaya ne da labule.

Mu ɗauki ma'auratan da suka tare a irin wannan ɗaki. Ƙannen miji suna shigowa cajin waya ba sallama. Tukunya ɗaya ce, cefane a hannun uwar miji. Amarya kuwa kunyar surukai ta hana ta cewa uffan. Ranar da suka saɓa kan kuɗi, kafin su gama magana tsakar gida ta ji, an riga an yanke hukunci. Ga alamar cewa abin ya fara ci: miji ba ya dawowa sai an yi barci, matar ba ta buɗe zuciya sai a waya da 'yan gidansu. Ba su taɓa yin faɗa su shirya da kansu ba, ko addu'a tare sai da raɗa.

Ba mu ce zama da iyaye laifi ba ne. Haya tana da tsada, tsofaffi suna bukatar kulawa, kuma ranar haihuwa amarya za ta gode wa Allah da suruka a kusa. Amma Farawa 2:24 ta sa barin iyaye kafin zama ɗaya, kuma namiji ta ɗora wa wannan. A ganinmu barin nan ba nisan ƙafa ba ne, iyaka ce.

Saboda haka ango ne zai yi magana, ba amarya ba, kuma kafin biki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Mama, ina roƙon ku sa mana albarka mu koyi riƙon gida a gabanku." Sai ya roƙi abu uku: ƙofa mai sakata da za a ƙwanƙwasa, tukunyarsu ko da ta dare ce kawai tare da aika wa iyaye kwanonsu, da izinin su fara sasanta saɓaninsu su biyu. Idan an hana ko ɗaya, su sa ranar tashi, su fara tara kuɗin haya.

Mu matasa, kada mu ƙarar da kuɗi a kan anko mu bar amarya bayan labule. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.