Matasa masu galahanga: a ƙirga ziyara, ba makin jarrabawa kawai ba

Idan aka ce wa matashi mai lalurar galahanga ya je ya gaida takwarorinsa, ya faɗi sunansa, an ba shi shawarar da sau da yawa ke jawo masa dariya. Matasa ba haka suke shiga hira ba. Wannan na daga cikin abin da Dakta Elizabeth Laugeson ta lura da shi lokacin da ta tsara shirin PEERS na koya wa matasa ƙulla abota a Jami'ar UCLA ta Amurka a 2005.

Shirin zama 14 ne, sau ɗaya a mako, minti 90 kowane zama. Matasan ba su cika wuce goma ba, iyayensu kuma na zama a wani ɗaki a daidai lokacin, ana koya musu yadda za su taimaka a gida.

A darasin shiga hira, ana rarraba abin daki-daki. Matashi zai tsaya ɗan nesa, yana duba wayarsa don kada a ga ya zura ido, ya saurara har ya gane batun. Idan ya san wani abu a kai, sai ya matso, ya jira a ɗan yi shiru, ya sa baki. Daga nan ya duba: sun kalle shi? Sun amsa? Sun buɗe masa wuri? Malamai na nuna yadda ake kuskurewa da yadda ake yi daidai, matasan su gwada, sannan a ba su aikin gida.

Wajen aunawa ne ake yawan ruɗin kai. A 2017, masu bincike Gates, Kang da Lerner sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje 19 na irin waɗannan rukunoni. Babban ci gaban da matasan suka nuna na sanin ƙa'idoji ne, malaman makarantarsu kuwa ba su ga wani canji na a zo a gani ba.

Shi ya sa bai kamata a tsaya ga jarrabawar sanin ƙa'idoji ba. PEERS na da wata takarda da ke tambayar matashi da iyayensa, kowa daban, sau nawa ya gayyaci aboki, sau nawa aka gayyace shi a watan da ya wuce. A ɗauka yaro ya fara da sifili, bayan zama 14 ya gayyata sau uku, amma ba wanda ya gayyace shi. Ya koyi hanyar, sai dai zumuncin bai zama na ɓangare biyu ba tukuna. Abin dubawa shi ne inda yake neman abokan: kulob ɗin da ake abin da yake so zai fi masa aji.

Dole ne a sake wannan ƙirgar bayan wata uku ko huɗu, a ji ta bakin malamin da bai san darasin ba, a kuma tambayi yaron ko ya ji daɗin ziyarar ko gajiya kawai ya kwaso.