Jinjina Ga Masu Bin Diddigin Farashin Cikin Gida, Da Sauran Aikin Da Ke Gabansu

A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙarar haraji da ke zama a Legas ta yanke hukuncin da ya zama na farko irinsa a Najeriya. Kamfanin Prime Plastichem, mai shigo da kayan haɗa roba daga wani kamfani ɗan'uwansa mai suna Vinmar, ya ƙalubalanci ƙarin harajin kusan naira biliyan 1.7 da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS a sunanta na lokacin, ta ɗora masa kan cinikin 2013 da 2014. Kotu ta ba hukumar gaskiya. Ma'aikatan da suka zauna da takardun shigo da kaya har suka kai ga wannan sakamako sun cancanci a ce musu sannu da aiki, domin dokar farashi tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya ta fito tun 2012, aka sabunta ta a 2018, amma sai da aka gwada ta gaban alƙali sannan masu kamfanoni suka gane ba ado ba ce.

Abin da ma'aikatan haraji suke nema ba ɓoyayye ba ne. Idan uwar kamfani da 'yarta suna ciniki, babu mai tayawa, babu mai cewa albarka, kuɗin daga aljihun dama yake komawa na hagu. Saboda haka doka ta ce a auna cinikin da farashin da bare zai biya, wanda babu dangantaka tsakaninsa da mai sayarwa. In farashin cikin gida ya kauce wa wannan, hukuma na da ikon gyara shi a lissafin haraji.

Mu ƙaddara wani kamfani a Sharaɗa ta Kano yana buga bokitai da butoci, yana sayen 'ya'yan roba daga uwar kamfaninsa da ke Singafo. A shekara ya sayi tan 2,000, kowane tan a kan dala 1,500. Ma'aikacin haraji ya nemi takardu, sai ya tarar uwar ta sayar wa wani kamfani na Legas da ba su haɗa komai ba irin wannan roba, a watannin nan, a kan dala 1,200. Mai gaggawa zai ce ai an kama su da rarar dala 300 a kowane tan. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo, domin gwani sai ya karanta sharuɗɗan cinikin biyu tukuna.

Na Legas ya karɓi kayansa ne a tashar jirgin ruwan Singafo, shi ya biya kuɗin jirgi da inshora. Na Kano kuwa an kawo masa har tashar Apapa, kuɗin dakon yana cikin farashi, a ce dala 70 kan tan. Na Legas ya biya lakadan, na Kano an ɗaga masa ƙafa kwana 90, kuma duk ɗan kasuwar da ya bar dalarsa a hannun wani wata uku sai ya ƙara wani abu, a ce dala 30. Ke nan da baren ne ya sayi kayan bisa sharuɗɗan da aka ba na Kano, dala 1,300 zai biya. Wannan shi ne farashin da za a yi lissafi da shi, kuma rarar ta koma dala 200.

Sauran lissafin mai sauƙi ne. Dala 200 sau tan 2,000 ya ba da dala 400,000 da aka kumbura kuɗin sayen kaya da ita, riba ta ragu daidai da haka. Hukuma za ta cire wannan adadi daga abin da kamfanin ya ce ya kashe, ta mayar da shi cikin ribar da ake yanke wa haraji. A kan kashi 30 cikin ɗari da manyan kamfanoni ke biya, ƙarin harajin dala 120,000 ne, ban da tara da kuɗin jinkiri. A lura, ba a ce uwar ta dawo da kuɗin ba, ba a kuma soke cinikin ba. Lissafin haraji kaɗai aka taɓa. Dalilin da zai sa a kumbura farashin ma a bayyane yake: harajin kamfani a Singafo kashi 17 ne, duk dalar ribar da ta tsallaka can ta sami ragin kashi 13.

Yabon da nake yi ya fi tafiya ga ma'aikacin da ya yarda ya sauke wannan dala 100 da kansa. Kowa na iya neman 300. Wanda ya tsaya a 200, alhali akwai adadin kuɗin shigar da aka ɗora wa ofishinsa ya tara, shi ne takardarsa za ta tsaya a kotu.

To amma aiki bai ƙare ba, kuma mafi nauyinsa yana can Singafo. Uwar kamfanin ta riga ta biya haraji a can kan wannan dala 400,000, wato dala 68,000. Najeriya ta sake yanka a kanta, riba ɗaya ta sha wuƙa sau biyu. Yarjejeniyar haraji da ke tsakanin ƙasashen biyu ta tanadi mafita: ɗaya ƙasar ta rage ribar da ta lissafa daidai da abin da wannan ta ƙara, in kuma ta ƙi, hukumomin biyu su zauna su daidaita. Sai dai Singafo ba za ta saki ko sisi ba sai an gamsar da ita cewa 1,300 ɗin nan gaskiya ne. Ma'aikacin da ya yi gyaran wajibi ne ya rubuta hujjarsa yadda takwaransa na wata ƙasa zai karanta ya kasa musantawa, kuma hukuma ta bi maganar har ƙarshe, kada ta karɓi nata ta bar mai kamfani yana zarya.

Akwai kuma kwastan, waɗanda ake yawan mantawa da su. A Apapa an biya kuɗin fito kan dala 1,500, domin su kwastan tsadar kaya suke so. Yanzu ga wata hukumar ta gwamnati ɗaya tana cewa kayan bai kai haka ba. Mai masana'anta na da haƙƙin ya tambaya wanne ne farashin gwamnati, kuma ya kamata hukumomin biyu su sami amsa guda da za su ba shi.

Misalin nan na Sharaɗa ya zo da sauƙi ne saboda an dace da bare mai sayen kaya iri ɗaya. Sau da yawa babu shi. Uwa takan sayar wa 'ya'yanta kaɗai, sai a koma kwatanta ribar kamfanin da ta wasu kamfanoni masu zaman kansu da ke irin sana'arsa, kuma bayanan irin waɗannan kamfanoni a Najeriya ƙalilan ne, galibi daga Turai da Asiya ake aro su. Kamfanin da wutar gwamnati ba ta yanke masa, ba za a jera shi da mai ƙona gas a janareta dare da rana ba, sai an yi gyara. Shari'ar Prime Plastichem kanta a kan wannan gaɓar ta juya: kamfanin ya yi amfani da kwatancen farashi a 2013, ya sauya zuwa kwatancen riba a 2014, kotu ta ga bai kawo bayanan da za su tsayar da kwatancen farashin ba. Hukumar ta auna shi da ribar da ake samu kafin a cire kuɗin gudanarwa, abin da masana haraji da dama suka soka, suna cewa hanyar da aka zaɓa da ribar bayan cire su ake aunawa. Wannan suka tana da tushe. Ya kamata hukumar, wadda yanzu ta koma NRS, ta fito ta bayyana a rubuce wane ma'aunin riba take karɓa a wane irin ciniki, da yadda za a gyara bayanan da aka aro daga waje, domin akawun kamfanin Sharaɗa ya san abin da zai shirya tun kafin takardar bincike ta iso ofishinsa.