Ra'ayinmu: A gyara fayil kafin a ɗora wa sabis laifi

Ranar da wata makaranta ko ma'aikata ta fitar da jerin sunayen waɗanda ta ɗauka, za ka ga matashi ya ƙura wa waya ido, farin shafi na kallonsa, data na zurarewa, fayil ɗin PDF ya ƙi buɗuwa. Sabis ake zagi. Wani lokaci laifinsa ne, amma sau da yawa matsalar tana cikin fayil ɗin tun daga ofishin da aka haɗa shi.

Tun da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, tsarinsa kamar littafi ne da aka sa jadawalin abin da ke ciki a bangon baya. Rubutu da hotuna suna warwatse a cikin fayil, teburin da ke faɗin inda kowane yake kuwa, wato xref, yana can ƙarshe. Manhajar da ba ta iya tsallake, dole ta sauke komai kafin ta san inda shafin farko yake. Mu ɗauki jeri mai shafi 200 da nauyin megabait 60. Idan sabis na kawo kilobait 250 a daƙiƙa, sai an yi minti huɗu ana jira, alhali shafi ɗaya bai wuce kilobait 300 ba, abin da zai iso cikin daƙiƙa biyu.

Wannan jiran ne Fast Web View ya zo magancewa a 1996. Yana sake jera kayan fayil, a kawo duk abin da shafin farko ke buƙata gaba tare da ɗan teburinsa, a kuma ƙara manuniya da ke faɗin inda sauran shafuka suka fara. Mai karatu ya ga shafin farko yayin da saura ke tafe. In ya tsallaka shafi na 150, burauza ta roƙi wannan gutsuren kaɗai. Yin hakan kyauta ne da manhajar qpdf:

```
qpdf --linearize jeri.pdf jeri-sabo.pdf
```

Mai Adobe Acrobat ya duba Document Properties, zai ga Fast Web View: Yes ko No.

Masu cewa dabarar ba ta taka kara ta karya ba su ma suna da hujja. Tsallaken ba ya yiwuwa sai sabar da ke riƙe da fayil ta yarda ta ba da shi gutsure-gutsure, wadda ake ganewa da Accept-Ranges: bytes a amsarta. Sannan wayoyi da dama ba sa nuna PDF a cikin burauza, sauke shi suke yi gaba ɗaya su miƙa wa wata manhaja. Haka ma fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp. A nan tsarin bai amfana komai ba. Ga kuma saurin lalacewa: ma'aikaci ya ƙara sa hannu ko ya gyara suna ɗaya, manhajar ta liƙa gyaran a ƙarshen fayil, shi ke nan Yes ya koma No ba wanda ya lura.

Babban abin da ake mantawa shi ne dabarar ba ta rage nauyi ko kaɗan, kuma ba ruwanta da sandarewar waya. Jira daban, sandarewa daban. Idan ma'aunin saukewa na tafiya a hankali, hanya ce ta yi tsawo. Idan fayil ya gama sauka amma shafi na fitowa fari, waya ta ɗau zafi, burauza ta rufe kanta, to ƙwaƙwalwar waya ce ta cika. Takardar A4 da aka yi wa sikan mai launi a 300 dpi tana da ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. A matse take cikin fayil, amma kafin a nuna ta sai an warware ta, ta cinye kusan megabait 26. Shafi biyar-shida a jere sun isa su durƙusar da ƙaramar waya. Abin takaicin ma, jerin a kwamfuta aka buga shi, aka fitar a takarda don oga ya buga hatimi, aka sake mayar da shi hoto. Ga nauyi, ga shi ba a iya binciko suna a ciki, sai mutum ya bi shafi-shafi da yatsa.

Matsayinmu shi ne a kunna Fast Web View a duk fayil ɗin da za a ɗora wa jama'a, amma ya zama aikin ƙarshe bayan an kammala gyara, kuma kada a ɗauke shi maganin komai. Jerin da aka buga a kwamfuta a fitar da shi PDF kai tsaye, shafin hatimi kaɗai a yi wa sikan. Inda sikan ya zama dole, a sauko zuwa 150 dpi, ɗigon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu kuma rubutu na karantuwa. Jeri mai shafi ɗaruruwa a raba shi jiha-jiha ko sashe-sashe, a rubuta nauyin kowane fayil kusa da mahaɗinsa. Kafin a sanar, wani a ofishin ya kashe Wi-Fi, ya gwada buɗe shi da datarsa a wayar da ta fi kowace araha a wurin.