Sharhi: Yadda Ake Gwada Amsar Lissafin Birki

Sharhinmu na yau na ɗaliban fiziks ne, musamman masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, a kan yadda ɗalibi zai gane amsarsa ta karkace tun kafin malami ya ɗora mata jan biro.

Ga tambayar. Mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki har tayoyi suka ja a kan kwalta. Lambar da ke nuna ƙarfin kamun taya da kwalta 0.5 ce, jan ƙasa kuma a ɗauke shi 10. Mita nawa motar za ta ci daga taka birki zuwa tsayawa?

Da farko a mayar da gudun zuwa mita a sakan: a raba 72 da 3.6, a sami 20. Raguwar gudu ita ce 0.5 sau 10, wato kowane sakan gudun yana raguwa da mita 5 a sakan. Ƙa'idar ita ce a ninka gudu da kansa, a raba da ninki biyu na raguwar. 20 sau 20 ya ba da 400, a raba da 10, amsa mita 40.

To, mu ɗauka ɗalibai uku sun kuskure, kowa ta hanyarsa.

Na farko ya manta ninka gudun da kansa. Ya raba 20 da 10, ya rubuta mita 2. Da ya bi ma'auni da ya kama kansa. A sama yana da mita bisa sakan, a ƙasa mita bisa sakan bisa sakan. Mita ta cinye mita, sakan ɗaya ya tafi da ɗaya, abin da ya rage sakan ne. An tambaye shi nisa, lissafinsa ya haifi lokaci. Duk amsar da ma'auninta ya saɓa wa abin da aka tambaya, ba a ma tsayawa duba lambarta.

Na biyu ya ninka gudun daidai, amma ya kai lambar kamun taya sama maimakon ƙasa. Ya ninka 400 da 0.5, ya raba da 20, ya sami mita 10. A nan ma'auni ba zai tona shi ba, domin lambar kamun taya ba ta da ma'auni, duk inda aka ajiye ta mita ce za ta fito. Sai a koma gwaji na biyu, wato a tura lamba ɗaya zuwa maƙura a ga ko hankali zai karɓi sakamakon. A ce tankar mai ta zubar da kayanta a kan titi, santsi ya yi yawa har kamun taya ya kusa sifili. Lissafin wannan ɗalibi ya ce nisan ma zai kusa sifili, wato motar za ta tsaya nan take a kan santsi. Ko yaron mota ya san ba haka ba ne. A ƙa'ida ta gaskiya lambar tana ƙasa, don haka tana ƙanƙancewa nisan yana ƙaruwa ba iyaka, kamar yadda motar za ta yi ta sulalewa.

Na uku ya fi wuyar kamawa. Ya manta 2 ɗin da ke ƙasa, ya raba 400 da 5, ya sami mita 80. Ma'auninsa mita ne. Idan gudu ya zama sifili nisansa sifili ne, idan santsi ya ƙaru nisansa ya ƙaru. Gwaje-gwajen biyu duk sun bar shi ya wuce, kuma nan ne iyakarsu: ba sa ganin lamba tsurarta irin 2 ko rabi. Maganinsa shi ne a bi ta wata hanya dabam. Gudun 20 yana raguwa da 5 kowane sakan, ya koma 15, 10, 5, sannan sifili, sakan 4 ke nan. Motar da ba a taka mata birki ba sam, mita 80 za ta ci a sakan 4. Ta yaya mai birki za ta ci daidai da ita? Tunda raguwar bai-ɗaya ce, matsakaicin gudu shi ne rabin 20, wato 10, sau sakan 4, mita 40.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku ja layi a ƙarƙashin amsa, ku fara da ma'auni don shi ya fi sauri, ku bi da tura lamba zuwa maƙura, in kuma da sauran lokaci ku sake lissafin ta hanyar matsakaicin gudu. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.