"Kun gane?" "Eh, Malam!" Zare kan rubuta manufar darasin minti 40

1/
Sababbin malaman firamare da 'yan kwalejin ilimi masu shirin fita koyon koyarwa, wannan zaren naku ne. Ra'ayina a taƙaice: manufar darasin da ba za ka iya gwada ta a minti 7 na ƙarshen darasi ba, ado ce kawai a takarda. Ku biyo ni a hankali, da misali ɗaya za mu yi aiki har ƙarshe. 🧵

2/
Buɗe littafin shirin darasi na sabon malami, ga abin da ka fi gani: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su fahimci ɗebewa." To madalla. An kaɗa ƙararrawa, yara 60 na kallonka. Ta yaya za ka san wa ya fahimta? Fahimta a cikin kai take, ido ba ya ganin ta. Sai ka ce "Kun gane?" su haɗa baki su ce "Eh, Malam!" Wallahi ko Sinanci ka yi musu, amsar da za su ba ka ke nan.

3/
Kalmomin da ke jefa mutum wannan rami sanannu ne: fahimta, sani, ganewa, laƙanta, sabawa da. Duk abubuwa ne masu kyau, su muke nema. Amma a layin manufa ana son aikin da yaro zai yi da hannu ko da baki, ka gani ko ka ji: ya rubuta, ya karanta, ya ware, ya jera, ya zana, ya ɗebe, ya bayyana da bakinsa.

4/
Akwai wani kuskuren kuma: "Manufa: koya wa ɗalibai ɗebewa." Wannan aikinka ne, Malam. Kana iya cika shi tsaf alhali rabin ajin na gyangyaɗi. Manufa labarin yaro take bayarwa, abin da zai iya yi da ƙarfe 9:40 wanda bai iya ba da ƙarfe 9:00.

5/
Wani masani Ba'amurke, Robert Mager, tun a 1962 ya raba manufa gida uku: aikin da ɗalibi zai yi, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da za a ce ya iya. Yawancinmu na farkon kawai muke rubutawa, mu bar biyun, alhali a can ƙarfin abin yake.

6/
Ga misalinmu. Aji 3, lissafi, yara 60. A jadawalin zango an rubuta "ɗebewa" na wannan makon. Lura fa, na mako ne gaba ɗaya. A cikinsa akwai ɗebewa ba aro, da mai aro, da mai lamba uku, da tambayoyin labari irin na kasuwa. In ka kwafe taken jadawali ka mai da shi manufar darasi ɗaya, ka ɗauki kayan jaki biyar ka ɗora wa ɗaya.

7/
Kuma minti 40 ɗin ba 40 ba ne. Shigowa, gaisuwa, a zauna, mai neman fensir ya samu, a goge allo: 5 sun tafi. Tuna darasin jiya, 5. Gwaji a ƙarshe, 7. Ba da aikin gida, 3. Saura 20. A cikin 20 ɗin nan za ka nuna, ku yi tare, su yi da kansu. Abu ɗaya ne zai shiga. Mun zaɓa: ɗebewa mai aro, lambobi masu gida biyu.

8/
Yanzu dabarar da na fi yarda da ita: kar ka fara da rubuta manufa. Fara da tambayoyin da za ka sa a allo a ƙarshen darasi. In ka iya rubuta su, manufa ta fito da kanta. In ka kasa, to kai ma ba ka yanke abin da za ka koyar ba tukuna.

9/
Tambayoyinmu 5:
52 − 18
43 − 27
65 − 23
70 − 34
91 − 47

Amsoshi: 34, 16, 42, 36, 44.

10/
Ba da ka aka zaɓe su ba. Dubi 52 − 18. Yaron da ya rubuta 46, ga abin da ya yi: ya ga 2 ba za ta ba da 8 ba, sai ya juya, ya cire 2 daga 8. Wannan bai kama zancen aro ba sam. Wanda ya rubuta 44 kuwa ya yi aron, ya cire 8 daga 12 ya samu 4, amma ya manta 5 ta koma 4. Ya ci bashi ya manta da mai kuɗi 😅 Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban.

11/
Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Da 52 − 17 ka bayar, mai juyawa zai samu 45, mai mantuwa ma 45. Kurakurai biyu, amsa ɗaya, ba za ka bambance su ba. Haka zai faru duk sanda tazarar lambobin gidan ɗaiɗai ta zama 5, kamar 2 da 7, ko 3 da 8. Don haka kafin ka shiga aji, yi kowace tambaya ta hanyar kuskure ka ga me za ta ba ka.

12/
65 − 23 kuma fa? Ai ba ta buƙatar aro. Da gangan ne. Akwai yaron da in ka koya masa aro yau, ko'ina sai ya ara, ko da ba a bukata. Ita za ta kama shi. Sannan 70 − 34 na nan saboda sifiri, domin yara da yawa in sun ga 0 da 4 sai su sauko da 4 kawai.

13/
To yanzu manufa ta rubuta kanta:

"A ƙarshen darasi, in an ba ɗalibi tambayoyi 5 na ɗebe lamba mai gida biyu daga wata mai gida biyu, 4 daga ciki masu buƙatar aro, zai warware su a littafinsa shi kaɗai, ba tare da tsinkayen ƙirga ba, ya samu aƙalla 4 daidai."

14/
Mu warware ta. Aiki: ya warware a rubuce. Yanayi: shi kaɗai, ba tsinke. Ma'auni: 4 cikin 5. Kowane yanki na canza abin da za ka yi a aji. Tun da ka ce "ba tsinke", dole cikin minti 20 ɗinka ka fara da ƙullin tsinke goma-goma, a kwance ƙulli ɗaya yara su ga yadda goma ɗaya ke zama ɗaiɗai goma, sannan ka janye tsinken su koma alƙalami.

15/
In ka duba ajinka ka ga ba za su kai nan a rana ɗaya ba, ba laifi. Sauya yanayin: yau "da taimakon ƙullin tsinke", gobe "ba tsinke". Manufa biyu, darasi biyu. Ya fi ka rubuta babbar magana ka fita aji ba wanda ya kai.

16/
Me ya sa 4 cikin 5, ba 3 ba? Lissafa ka gani. Ba wata doka da ta ce 4, hukuncin malami ne, amma a nan akwai dalili. Tambaya ɗaya kyauta ce, ba aro a cikinta. Mai 3 ke nan ya ci 2 kacal cikin masu aro 4, rabi da rabi. Mai 4 ya ci aƙalla 3. Sannan ka bar wa yaro sararin tuntuɓe ɗaya, don ko babba yakan yi kuskuren ƙirga.

17/
Na san tambayar da ke zuwa: "Malam, yara 60, ta ya zan duba littafi 60 a minti 7?" Ba za ka iya ba, kar ma ka fara. Ba su minti 4 su yi, kai kuma kana zagayawa tsakanin layuka kana leƙa ta farko kawai: 34 ce, 44 ko 46? Sai su yi musayar littafi da na kusa, ka rubuta amsoshi a allo, su duba wa juna. Mai 4 ko 5 ya ɗaga littafi. Ƙirga.

18/
Eh, wani zai yi wa abokinsa alfarma. Shi ya sa za ka karɓi littafi 10 daga wurare daban-daban, har da bencin baya, ka duba a ofis. In ƙirgar aji ta ce 48 sun iya amma cikin goman nan 4 ne kawai suka iya, ka san ƙirgar ce ke da matsala.

19/
Sai hukunci, wanda shi ne amfanin wahalar duka. Ni ma'aunina: in kusan 45 cikin 60 sun kai, gobe a ci gaba, sauran a zauna da su daban. In 25 ne, gobe a maimaita. Kuma ka san ta inda za ka maimaita: in 46 ta yi yawa a littattafai, a koma ƙullin tsinke. In 44 ce, gyaran ƙarami ne, su saba soke 5 su rubuta 4 a samanta kafin su taɓa komai.

20/
Yanzu inda za mu saɓa da wasu. A kwaleji ana koya mana rabe-raben Benjamin Bloom da abokan aikinsa, wanda kashin farko ya fito a 1956, da fannonin nan uku: tunani, ɗabi'a, da aikin gaɓoɓi. Ilimi ne mai amfani. Amma al'adar cewa kowane darasi sai an cusa masa manufa daga kowane fanni, ita ke haifar da layi irin "ɗalibai za su ƙaunaci lissafi." Haba. A minti 40? Da wane ma'auni?

21/
Son lissafi abu ne da ake gani a tsawon zango, a yadda yaro ke ɗaga hannu da yadda yake kawo aikin gida. Ka riƙe shi a zuciya, ka yi masa aiki. In mai duba aikinka ya dage sai manufa uku, ba sai an yi rigima ba: rubuta su, amma ka ja layi a ƙarƙashin wadda za ka gwada yau, ita ce ke jan darasin.

22/
Akwai suka ɗaya da na yarda tana da ƙarfi. Masu cewa neman abin aunawa na tura malami zuwa hadda: "lissafa", "ambata", "faɗi", saboda su ne masu sauƙin ƙirgawa. Gaskiya ne, yana faruwa sosai. Yaro na iya samun 5 cikin 5 a ɗebewa yana bin matakai kamar aku, bai san me ya sa ake aro ba.

23/
Amma tunani ma ana iya fito da shi fili. Rubuta a allo: 52 − 18 = 46. Ka ce wani yaro ne ya yi, su nuna inda ya kauce su gyara masa. Manufar sai ta zama: "In an nuna wa ɗalibi ɗebewar da aka yi kuskure a cikinta, zai nuna gidan da kuskuren yake, ya rubuta amsa daidai." Ana gani, ana ƙirgawa, kuma hadda ba ta fitar da yaro a nan. Wannan darasin rana ta uku ne, kar ka haɗa shi da na yau.

24/
Gwaji na ƙarshe kafin ka kai wa hedimasta ya sa hannu: miƙa wa malamin ajin kusa manufarka ita kaɗai, ka rufe sauran shafin. Ce masa ya rubuta tambayoyin da zai gwada yara da su. In nasa sun yi kama da naka, ta fito. In ya ɗago kai ya ce "lamba nawa-nawa? da aro ko babu?", to karɓi littafinka ka ƙara abin da ya tambaya.