Zafin Kurmi Da 'Yan Makaranta

Mutumin da ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, yakan raina zafin Ikko da Badun. In aka ce masa ma'auni ya nuna 33 ko 34, sai ya yi dariya ya ce wannan ai sanyi ne. To, a nan kuskuren yake, kuma yara 'yan makaranta ne ke shan wahalarsa.

Jikin ɗan Adam da gumi yake hucewa, amma sai gumin ya bushe tukuna. A Arewa iska busasshiya ce, tana shanye gumi nan da nan. A Kurmi kuwa iskar cike take da danshi, sai yaro ya jiƙe sharkaf, ruwan jikinsa na zuba, zafin kuma yana nan bai fita ba. Watannin Fabrairu da Maris, kafin ruwa ya sauka sosai, su ne mafi tsanani. A Fabrairun 2024 har hukumar duba yanayi ta ƙasa sai da ta gargaɗi jama'a game da zafin.

A duba yadda ranar yaro take a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun. Ya tashi daga boko wajen ƙarfe 2, ya tako a rana, ya ci abinci a tsaitsaye, kafin ƙarfe 3 yana Islamiyya, a ɗaki mai rufin kwano marar silin, an cunkushe su gwiwa da gwiwa. Watau an zaunar da shi a daidai sa'ar da kwano ya fi gasa mutum.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, a waɗannan watanni biyu kwamitocin makarantu su mai da karatun yamma zuwa bayan La'asar, ko da za a rage shi da rabin awa. Inda akwai inuwar itace ko barandar masallaci, a fitar da aji waje. A boko kuma a taƙaita tsayuwar safe, a yi wasan motsa jiki kafin ƙarfe 9, a daina horon durƙuso a rana. Ruwa kuwa kada a jira sai yaro ya roƙa, don kunya da tsoron bulala kan hana shi magana. A ajiye randa a bakin aji, kowane rabin awa a tashe su su sha. Masu sikila da waɗanda suka tashi daga zazzaɓi ko gudawa, a fi sa musu ido.

Abin da ya fi wuya shi ne gane alamar tun da wuri. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 9 wadda ta saba ɗaga murya wajen hadda. Yau ta yi shiru, ta kifa kai a benci, ta ce kanta na ciwo. Malami na iya cewa lalaci ne. Amma in ya duba zai ga hijabinta ya jiƙe, tana jin jiri in ta miƙe, zuciyarta na tashi, wataƙila ƙafarta na ɗaurewa. In an tambaya, rabonta da fitsari tun safe, ko kuma ya yi ja. Wannan galabaitar zafi ce.

Sai a kai ta inuwa, malama ta rage mata kaya, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta kaɗan, a shafa mata ruwa a wuya da hammata, a yi ta fifita. A ba ta ruwa kurɓi kurɓi, ko ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba ta komawa karatu ran nan. In rabin awa ta wuce ba ta samu sauƙi ba, ko tana ta amai, sai asibiti.

Akwai kuma inda ba a jiran rabin awa. Idan yaro ya fara sambatu, ko ya kasa gane malaminsa, ko yana tangaɗi, ko ya suma, ko ya shiga jijjiga, jikinsa kuma zafi rau, to zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kisa. Kada a ruɗu don ana ganin gumi a jikinsa. Ba kullum yake ƙafewa ba. Sau da yawa akan ce iska ce, a tsaya tofi, ko a ɗura masa farasitamol, alhali wannan magani ba ya sauke irin wannan zafi. A kwarara masa ruwan sanyi nan take, a ci gaba da yi har cikin mota, kada a zuba kome a bakinsa in ba ya cikin hayyacinsa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma kan zo da irin waɗannan alamu, kuma likita ne kaɗai zai rarrabe su da gwajin jini.