Sharhi: Kafofi biyu da Naira ke zurarewa kafin ta ninku a bankuna

A duk lokacin da Kwamitin Tsara Manufofin Kuɗi na Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kammala zamansa a Abuja, hankalin jama'a yakan tafi ne kan kuɗin ruwa. Sai dai a cikin sanarwar akwai wani adadi da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato kason ajiyar dole, wanda shi ne ɓangaren ajiyar abokan hulɗa da doka ta wajabta wa kowane banki ya damƙa wa CBN. An ɗaga wannan kaso zuwa kashi 32.5 cikin ɗari a watan Satumban 2022, ya koma 45 a Fabrairun 2024, ya kai 50 a Satumban wannan shekarar, sannan aka sauko da shi zuwa 45 ga bankunan kasuwanci a Satumban 2025.

A littattafan koyar da tattalin arziki, wannan kaso shi ke yanke yawan ninkin da kuɗi za su yi a hannun bankuna. Ninkin da ake nufi a nan ba irin na 'yan damfara ba ne, lissafi ne na yadda Naira ɗaya ke zama ajiya, ta zama rance, ta sake zama ajiya. A aikace kuwa, ninkin ba ya kai abin da littafi ya faɗa, domin akwai kafofi biyu da kuɗin ke zurarewa a hanya: rarar da bankuna ke ajiyewa bisa son ransu, da tsabar kuɗin da jama'a ke riƙewa a hannu.

A ɗauka CBN ya saki sabuwar Naira miliyan ɗaya, ta shiga asusun wani ɗan kwangila. Bankinsa zai ware Naira 450,000 a matsayin ajiyar dole, ya ba wata mai sarrafa shinkafa rancen Naira 550,000. Ita kuma ta biya dillalin hatsi, dillalin ya zuba kuɗin a nasa bankin. Wannan banki na biyu zai ware Naira 247,500, ya bayar da rancen Naira 302,500. Haka abin zai ci gaba, kowane zagaye bai kai na baya ba, har jimillar ajiyar da aka samar ta tsaya a kusan Naira miliyan 2.22. Ana samun wannan adadi ne idan aka raba 1 da 0.45.

Wannan lissafi ya ginu ne a kan zato biyu: cewa kowane banki zai bayar da rancen duk abin da doka ta bar masa, kuma duk wanda kuɗin suka shiga hannunsa zai mayar da su banki ba tare da ya rage ko kwabo ba. Babu ƙasar da hakan ke faruwa.

A sake bin sawun kuɗin. Bankin farko ya duba masu neman rance, bai gamsu da yawancinsu ba, sai ya riƙe ƙarin Naira 100,000 a kan ajiyar dole, ya bayar da rancen Naira 450,000 kacal. Dillalin da kuɗin suka isa gare shi yana sayen kaya a kasuwannin ƙauye inda ba a ciniki sai da kuɗi hannu, don haka ya cire Naira 50,000 ya sa a aljihu. Abin da ya isa banki na biyu ya zama Naira 400,000 maimakon 550,000. Asarar ba ta tsaya a kan Naira 150,000 ɗin nan ba, domin duk zagayen da zai biyo baya zai tashi ne daga ƙaramin tushe, kuma a kowane zagaye za a sake yin irin wannan zurarewa.

Masana sun taƙaita batun a ƙa'ida guda:

```
m = (1 + c) / (c + r + e)
```

A nan m shi ne ninkin, r kason ajiyar dole, e rarar ajiyar da bankuna suka riƙe, c kuma tsabar kuɗin da ke hannun jama'a. Dukansu ukun ana auna su ne da jimillar ajiyar da ke bankuna. Idan r ya kasance 0.45, c kuma 0.05, babu rara ko kaɗan, ninkin zai zama 2.1. Idan jama'a suka ninka tsabar da suke riƙewa, c ya koma 0.10, ninkin zai sauka zuwa 2.0. Amma idan aka bar c a inda yake, bankuna suka riƙe rarar 0.05, ninkin zai faɗi zuwa kusan 1.91.

Ƙarin maki biyar ne a kowane ɓangare, amma rarar bankuna ta fi yin ɓarna. Dalili kuwa shi ne, takardar Naira dubu da ke aljihun mutum har yanzu kuɗi ce da ake ƙirgawa a cikin kuɗin da ke hannun jama'a, za ta sayi gero ta biya kuɗin mota. Abin da ta daina yi shi ne haifar da sabon rance. Shi ya sa c ya bayyana a sama da ƙasan ƙa'idar. Rarar da banki ya kwantar a CBN kuwa ba ta sayen komai, ba ta kuma haifar da komai, don haka e ya bayyana a ƙasa kaɗai.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga muhawarar da aka sha yi a ƙasar nan tun ranar 26 ga Oktoban 2022, lokacin da Gwamnan CBN na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Hujjar da ya bayar ita ce, daga cikin Naira tiriliyan 3.23 na takardun kuɗin da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Adadin yana da ban tsoro idan aka ji shi, amma ba shi ne c ba. Yana kwatanta tsabar da ke waje ne da jimillar tsabar da aka buga, alhali abin da ke shafar ninki shi ne kwatanta ta da ajiyar da ke cikin asusun bankuna. Ai dama ana buga takardar kuɗi ne domin ta kasance a hannun mutane. A shekarar 2024 jimillar kuɗin ƙasar a ma'auni mafi faɗi ta haura Naira tiriliyan 100, yayin da tsabar kuɗi ba ta wuce kimanin tiriliyan biyar ba. Ke nan c yana kusa da 0.05, ƙaramin abu idan aka ajiye shi kusa da 0.45.

Abin da ya biyo bayan sanarwar kowa ya gani. Takardun kuɗin da ke yawo sun ragu zuwa ƙasa da Naira tiriliyan ɗaya a watan Fabrairun 2023. A kan takarda c ya faɗi, ninki ya kamata ya ƙaru. A kasuwa kuwa ciniki ne ya tsaya, layuka suka cika ƙofofin bankuna, masu POS suka riƙa sayar da Naira da Naira, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris na 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Bayan haka tsabar ta sake fita, kuma a ƙarshen 2024 ta zarce matsayin da take kafin sauyin. Hauhawar farashi na da kaso a cikin wannan, tunda kayan da ake saye da dubu goma yanzu sai da fiye da haka. Amma akwai kuma darasin da mutane suka ɗauka: wanda ya taɓa kwana da kuɗi a asusu bai iya sayen abinci ba, zai yi wuya ya sake barin gidansa babu tsaba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Maigatari ko Illela sayen dabbobi, inda sabis ke ɗaukewa kuma reshen banki ke da nisa, ba taurin kai ne ya sa shi ɗaukar kuɗi a jaka ba.

Kafa ta biyu ita ce ba a cika magana a kanta ba. Banki yakan riƙe rara ne idan ya auna ya ga riƙewar ta fi rancen riba ko aminci. CBN yana da tagar da bankuna ke kai rarar kuɗinsu su kwana a biya su kuɗin ruwa. A shekarar 2019 an ƙayyade abin da za a biya wa ruwa a wannan taga zuwa Naira biliyan biyu ga kowane banki a rana, domin a tura bankuna su bayar da rance, kuma a shekarar ne aka wajabta musu bayar da rancen aƙalla kashi 65 cikin ɗari na ajiyar da suka karɓa. A ƙarshen 2023, ƙarƙashin Gwamna Olayemi Cardoso, an cire wancan ƙaidi, a Afrilun 2024 kuma aka sauko da kason rancen zuwa 50. Manajan bankin da aka ba zaɓi tsakanin ruwa mai kauri daga CBN ba tare da haɗari ba, da kuma rance ga ƙaramin kamfanin da ke fama da tsadar man dizal, ba sai an tambaye shi wanne zai ɗauka ba.

Ya kamata a fahimci cewa wannan ba kuskure ba ne daga ɓangaren CBN, manufa ce. Bankin yana yaƙi da hauhawar farashi, kuma rage ninkin kuɗi na daga cikin makamansa. Matsalar takan taso ne ranar da aka so a juya akala. Ana iya rage r da sanarwa guda, amma ba a rage e da sanarwa. Idan aka sauke ajiyar dole da maki biyar, bankuna kuma suka mayar da abin da aka sakar musu zuwa tagar kwana, jimillar r da e ba ta motsa ba, ninkin ma bai motsa ba. Amurka ta ga irin haka bayan rikicin kuɗi na 2008. Babban bankinta ya zuba kuɗi masu ɗimbin yawa, ya kuma fara biyan ruwa a kan ajiyar bankuna a watan Oktoban shekarar. Rarar ajiya ta tashi daga kimanin dala biliyan biyu zuwa fiye da dala tiriliyan biyu cikin 'yan shekaru, ninkin ya faɗi warwas.

Ƙa'idar tana da iyaka. A zahiri bankuna ba sa zaman jiran ajiya kafin su bayar da rance. Sukan bayar idan sun sami abokin hulɗa nagari kuma jarinsu ya isa, daga baya su nemi abin cike ajiyar dole. Saboda haka ninkin ya fi zama madubin abin da ya riga ya faru, ba linzami ba. A Najeriya kuma akwai ƙarin ruɗani, domin faɗuwar darajar Naira daga watan Yunin 2023 ta kumbura ƙimar ajiyar dala da ke bankuna idan aka lissafa ta da Naira, jimillar kuɗi ta yi tsalle ba tare da an bayar da sabon rance daidai da hakan ba.

Don haka mai son sanin ko sassaucin da CBN ya yi ya isa kasuwa, sai ya duba alƙaluman da bankin ke wallafawa: nawa bankuna ke kai wa tagar kwana, nawa ne tsabar da ke wajen bankuna idan aka kwatanta da ajiya, kuma nawa ne rancen da kamfanoni masu zaman kansu suka samu. Idan kason ajiyar dole ya sauka amma kuɗin da ke kwana a CBN suka ƙaru da kusan adadin da aka saki, to mai sarrafa shinkafar nan ba za ta ga canji ba ranar da ta koma wurin manajan bankinta.